Ɗanladi, Talatu da Jummai: sunan rana ƙauyanci ne, ko maguzanci, ko kuwa ba a fahimce shi ba ne?

Da wuya a yi zaman hira a kan sunayen yaran yanzu ba a tayar da wannan magana ba: ina su Ladi da Asabe da Ɗanlami suka shiga? Wasu na cewa gara da suka tafi, ai sunayen jahiliyya ne. Wasu na ganin sunayen ƙauye ne da ba su dace da ɗan boko ba. Akwai kuma matasan birni da in sun ji an ce Ɗanjuma ko Laraba, nan take suke yanke cewa mai sunan Kirista ne. Duk maganganun nan uku suna da inda suka samo tushe, amma a ganina babu wadda ta faɗi daidai, domin an manta aikin da sunan rana yake yi a gidan Bahaushe. Ba a ƙirƙire shi don ya yi gogayya da sunan yanka ba. Wani giɓi ne ya zo ya cike.

Sunan yanka daban, sunan rana daban

Idan aka haihu, uba ko wani malami yakan yi wa jariri huɗuba a kunne da sunan da aka zaɓa masa, amma ba a bayyana shi ga jama'a sai ranar suna, lokacin da za a yanka rago a raɗa sunan. Wannan shi ne sunan yanka: Muhammadu, Ibrahim, Hauwa'u, Fatima da makamantansu. Sunan rana kuwa laƙabi ne. Ba a yanka masa komai, ba malami ke bayar da shi ba, kuma galibi daga bakin mata yake fitowa: ungozoma, kaka, ko gwaggon da ta zo zaman jego.

Wadda aka haifa ran Lahadi ita ce Ladi ko Ladidi, namijin kuma Ɗanladi. Litinin na ba da Altine ko Tani, namiji Tanimu, Ɗantani ko Ɗanliti. Talata na da Talatu da Ɗantala. Laraba ma tana da yalwa: Laraba, Larai da Balaraba ga mata, Bala da Balarabe ga maza. Sai Lami da Ɗanlami na Alhamis, Jummai da Ɗanjuma na Juma'a, Asabe da Ɗan'asabe na Asabar. Kowace ƙasa da yadda take lanƙwasa su, abin da Bakano zai ce ba lalle ne ya zo daidai da na Basakkwace ko mutumin Damagaram ba.

Wanda ya lura zai ga mace ce ke ɗaukar ranar kanta, namiji kuma sai a ce ɗan ranar. Dalili shi ne ranakun mako duk mata ne a bakin Bahaushe, muna cewa Laraba ta zo, Juma'a ta wuce. Saboda haka Ɗanladi ba yana nufin sunan mahaifiyarsa Ladi ba ne, kamar yadda wasu yara ke zato. Haka Balarabe ba lalle ne yana da dangantaka da Larabawa ba, ranar Laraba ce ta ba shi.

Sunan rana kuma ba shi kaɗai ba ne a gidansu. 'Yan'uwansa su ne sunayen da ke faɗin halin da aka haifi yaro a ciki: Azumi da Ɗan'azumi na watan azumi, Tasalla da Sallau na ranar salla, Gambo mai bin tagwaye, Tanko namijin da ya biyo bayan mata, Kande macen da ta biyo bayan maza. Dukkansu rajista ce ta mutanen da ba su rubuta haihuwa a takarda.

Me ya sa ake buƙatarsa tun farko

Dalili na farko shi ne kwana bakwai ɗin nan. Jariri yana gida, ana yi masa wanka, ana gasa masa cibiya, 'yan barka suna shiga suna fita, kuma ba a bayyana sunansa ba. Dole a kira shi da wani abu. Abin da kowa ya sani game da shi a wannan mako shi ne ranar da ya zo, sai kaka ta ce a miƙo mata Ɗanjumanta. Kafin ranar suna ta zagayo bakin mutanen gida ya riga ya saba.

Dalili na biyu ya fi nauyi, shi ne alkunya. Bahaushiya ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na surukanta, ba ta faɗin na ɗanta na fari. To ga shi al'adar gidajenmu ita ce a mayar da sunan iyaye: yaro ya ci sunan kakansa, yarinya ta ci sunan kakarta. A ce an sa wa jaririya Hauwa'u, sunan mahaifiyar maigida. Maigida ba zai tsaya tsakar gida ya ƙwala kiran Hauwa'u ba, sunan mahaifiyarsa ne. Matarsa ba za ta kira ba, sunan surukarta ne. Ƙannen maigida da matansu ma haka. Sunan da aka yanka wa rago ya zama wanda kusan babu mai iya furta shi a gidan. A nan sunan rana ke shigowa ya ɗauki aikin yau da kullum, sunan yanka kuma ya koma na ranar ɗaurin aure da na addu'a. Akwai tsofaffi da yawa da jikokinsu ba su san sunansu na yanka ba sai ranar da suka ji liman ya faɗa a wajen jana'iza.

Na uku, rayuwar karkara a kan mako take juyawa. Manomi na iya kasa faɗa maka ko nawa ga wata, amma ba zai manta ranar kasuwa ba. Mutumin Wudil ya san Juma'a, na Maigatari ya san Alhamis, har akwai garin da ranar kasuwarsa ta zame masa suna, Talatar Mafara. Wanda lissafinsa ke tafiya haka, ranar mako ce za ta zauna masa a kai idan aka yi masa haihuwa.

Batun maguzanci

Masu cewa sunan rana gadon maguzanci ne suna da abu ɗaya da ya kamata su duba: ranakun kansu. Lahadi, Litinin, Talata, Laraba da Alhamis ƙidaya ce ta Larabci daga ɗaya zuwa biyar, Juma'a ranar taruwa, Asabar kuma daga Sabt. Da Musulunci suka shigo ƙasar Hausa, tare da malamai da fatake irin Wangarawan da tarihin Kano ya ce sun zo zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385. Ɗabi'ar sa wa yaro sunan lokacin da ya zo na iya girmar haka, ga su Nomau da Anaruwa da ke bin damina da noma. Amma Jummai dai ba za ta girmi zuwan Juma'a ba. Larabawa ma suna da Jum'a da Khamis a matsayin sunayen maza, kuma Hausawan Sudan suna zaune da masu waɗannan sunaye.

Malaman da ke ƙarfafa a bar wa yaro sunansa na yanka suna da hujjarsu. Ya tabbata a hadisi cewa sunayen da Allah ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canza wa wasu sahabbai sunaye marasa kyawun ma'ana. Suna ganin asara ce a zaɓa wa yaro sunan annabi ko na sahabi, sannan ya rayu shekara saba'in ba a kira shi da shi ba. Wannan magana ce mai ma'ana, ban raina ta ba. Sai dai fifita wani suna daban, haramta wani daban. Laƙabin da Alƙur'ani ya hana a cikin suratul Hujurat shi ne na jifa da cin mutunci. Cewa an haifi mutum ran Talata ba zagi ba ne, kuma ba ƙarya ba ce. Annabi da kansa da aka tambaye shi game da azumin Litinin ya ce rana ce da aka haife shi a cikinta.

Inda matsalar take da gaske shi ne a ɗora wa ranar abin da ba nata ba. Akwai masu camfa wasu ranaku, kamar Larabar ƙarshen watan Safar, akwai kuma 'yan duba da ke lissafa wa mutum arzikinsa ko dacewar aurensa daga sunansa da ranar haihuwarsa. Wannan malamai sun yi gaskiya da suka yaƙe shi. Amma mai zuwa wurin ɗan duba zai je ko da sunansa Abdullahi.

A nan ne kwatanta mu da mutanen Akan na Ghana ke da amfani. Su ma suna da sunan rana: Kwame na Asabar kamar Kwame Nkrumah, Kofi na Juma'a kamar Kofi Annan, Yaa macen Alhamis. Amma a wurinsu sunan yana haɗe da aƙidar cewa kurwar mutum tana da alaƙa da ranar da ya zo, kuma kowace rana da halinta. Kwadwo na Litinin ana sa ran ya zama mai sanyin hali, Kwaku na Laraba kuma mai rigima. Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Gustav Jahoda ya duba bayanan kotun yara a ƙasar Ashanti, ya wallafa a 1954 cewa Kwadwo sun yi ƙaranci a cikin masu laifi, Kwaku kuma sun yi yawa. Abin da za a fahimta a nan shi ne yaro na iya tashi ya bi abin da ake ta faɗa masa tun yana goye, suna linzami ne. Bahaushe bai gina wa sunan rana irin wannan tsari ba. Ba a cewa duk Bala mafaɗaci ne ko duk Lami mai haƙuri ce. Iyaka dai a yi murna idan haihuwa ta faɗo Juma'a, babbar rana.

Yadda sunan ya zama na kowa

Janar Theophilus Yakubu Ɗanjuma Kirista ne, Bajukune daga Takum. Muhammad Ɗanjuma Goje, wanda ya yi gwamnan Gombe daga 2003 zuwa 2011, Musulmi ne. Ladi Kwali, mai ginin tukwane da hotonta ke bayan takardar naira 20, Bagwariya ce. A'isha Jummai Alhassan ta Taraba ta riƙe nata duka biyun, na yanka da na rana, har ta zama minista. Abdulƙadir Balarabe Musa, gwamnan tsohuwar jihar Kaduna a 1979, duk ƙasar nan da Balarabe ta san shi.

Sunan ya bazu ne tare da harshen. Hausa ta zama harshen kasuwa a Kudancin Kaduna, Filato, Taraba, kudancin Bauchi da Gombe, sannan 'yan mishan suka ɗauke ta harshen wa'azi, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Iyalin da suke son sunan Hausa wanda bai nuna wani addini ba, sunan rana ne ya fi musu sauƙi, kuma a wurin da yawansu ya zama sunan gaske da ake rubutawa a takarda, ba laƙabi ba. Haka ya bi hanyar fataucin goro zuwa Gwanja da Salaga. A arewacin Ghana har yau akwai mata masu suna Lariba, Lamisi da Asibi a cikin ƙabilun da ba Hausawa ba.

Da Musulmin birane suka fara sakin sunan, waɗancan kuma suka riƙe, sai yaron da ya tashi a Kano yau ya fi jin Talatu a bakin Kiristoci, har ya ɗauka nasu ne. Wannan ya dame ni. A ƙasar da ake tare hanya lokacin rikici a tambayi mutum sunansa, ba ƙaramin abu ba ne a ce akwai sunayen da ba sa nuna masallaci ko coci. Muna da su a hannu, muna kuma barin su su zama na ɓangare ɗaya.

Abin da ya maye gurbinsa

Alkunya ba ta mutu ba, har yanzu matar aure ba ta kiran sunan surukarta. Abin da ya canza shi ne laƙabin da ake sa wa yaro. Inda da za a ce Jummai, yanzu Ummi ce ko Walida ko Amira. Inda za a ce Ɗanlami, yanzu Abba ne ko Khalifa ko Walid. Wato hujjar cewa a bar yaro da sunansa na yanka ba ita ta yi nasara ba, don su ma waɗannan ba sunan yanka ba ne. Abin da ya kori sunan rana ya fi kama da kunyar ƙauyanci. Wasannin barkwanci sun taimaka: duk sa'ad da za a nuna 'yar aiki ko baƙauyen da ya shigo birni, sunan da za a laƙaba masa sananne ne. Yarinyar da aka yi wa dariya a makaranta saboda sunanta Talatu ba za ta sa wa 'yarta shi ba. Haihuwar asibiti da katin da ke ɗauke da kwanan wata su ma sun rage buƙatar a adana ranar a cikin suna.

Daren Juma'a da katin asibiti

Ga wani wuri da ake yawan samun saɓani. A lissafin Musulunci, wanda Bahaushe ke bi, dare ne ke gaba da yini: rana na farawa da faɗuwar rana. Daren Juma'a shi ne wanda ke shiga bayan magaribar Alhamis. Agogon asibiti kuwa sai sha biyun dare yake juya kwanan wata.

A ɗauka an haifi 'yan mata biyu ran Alhamis 5 ga Maris 2009, ɗaya da azahar, ɗaya da ƙarfe tara na dare. Katin asibitinsu zai nuna rana ɗaya. A gida kuwa ta azahar Lami ce, ta daren kuma Jummai, don a daren Juma'a ta zo. Babu wanda ya yi kuskure a cikin kaka da ma'aikaciyar jinya, lissafi biyu ne.

Ranar sunansu fa? A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗaliban Risala suka sani, ba a ƙirga ranar haihuwa cikin bakwai ɗin idan an haihu bayan fitowar alfijir. Shi ya sa suna ke faɗowa a ranar da aka haihu idan mako ya zagayo. Lami za a tsallake Alhamis ɗinta, a fara ƙirga daga Juma'a 6 ga wata, rana ta bakwai ta zama Alhamis 12. Jummai kuwa ta riga alfijir ɗin Juma'a zuwa, saboda haka Juma'ar tana cikin ƙidaya, ita ma sunanta ya faɗo Alhamis 12. Wanda ya ga an yi sunan Jummai ran Alhamis sai ya ce an yi kuskure, alhali daidai ne.

Lokacin da suna biyu suka haɗu a gaban kwamfuta

Mu bi Jummai ɗin nan gaba. Sunanta na yanka Hauwa'u, kuma shi mahaifinta ya rubuta a takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya. Ranar shiga firamare yayarta ce ta kai ta, malami ya tambayi suna, aka ce Jummai Musa, don shi kowa ya sani. Da shi ta gama firamare, da shi ta shiga sakandare. Da aka zo yin lambar NIN sai aka bi takardar haihuwa: Hauwa'u Musa. Shekara da shekaru babu abin da ya faru, sai da ta zo neman jami'a. Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da NIN, kuma sunan da ke kan NIN shi ke fitowa. Takardar sakandare ta ce Jummai, ta JAMB ta ce Hauwa'u. A wajen tantancewa, waɗannan mutum biyu ne.

Gyaran ba ya gagara, amma yana cin kuɗi da lokaci: takardar rantsuwa a kotu, sanarwar canjin suna a jarida, sannan neman gyara a hukumar da ta ba da takardar. Irin wannan ke samun manya a banki idan sunan BVN ya saɓa da na NIN, ko tsohon ma'aikaci da aka ɗauka aiki da Bala, ya zo karɓar fansho da katin da ke cewa Yusuf. Wasu na ɗora laifin a kan sunan rana. Ni kuwa ina ganin laifin na rashin tsayar da abu ɗaya ne tun farko, kuma Ummi da Abba suna faɗawa ramin nan daidai da Jummai da Ɗanlami. Hanyar da A'isha Jummai da Abdulƙadir Balarabe suka bi ita ce mafi sauƙi: sunan yanka a farko, sunan rana a tsakiya, sunan uba a ƙarshe, tun daga takardar haihuwa, da harafi iri ɗaya a ko'ina. Harafin ma abin lura ne, don Jummai da Jumai, ko Ɗan'asabe a haɗe da Dan Asabe a rabe, kwamfuta ba ta ɗauke su abu ɗaya ba. Kuma ranar kai yaro makaranta a tafi da takardar haihuwarsa a hannu.

Sunan rana yana da wani amfani ga mai neman ainihin ranar haihuwar dattijo. Yawancin waɗanda ba a rubuta haihuwarsu ba, 1 ga Janairu ake sa musu. Idan katin Talatu ya ce 1 ga Janairu 1970, kalanda za ta nuna maka Alhamis ce, ka san ƙiyasi aka yi. Idan aka ce an haifi tsohuwa a makon da Najeriya ta sami 'yanci kuma sunanta Asabe, to 1 ga Oktoba 1960 Asabar ce, ka kusa kamo ranar. A Nijar kuwa, ranar samun 'yanci, 3 ga Agusta 1960, Laraba ce. Sai dai kafin a dogara da wannan lissafi a tambaya ko sunan nata ne na kanta, domin yanzu akwai Talatun da aka haifa ran Lahadi ta ci sunan kakarta, akwai kuma 'ya'ya mata da ke amsa Ɗanjuma don sunan mahaifinsu ne a takarda.